Koyarwa Kai Tsaye Ko Warware Matsala: Kowace Da Ranarta

Duk magidancin da ya je neman wa ɗansa makaranta a Ikko ko Badun ko Fatakwal, da wuya ya dawo gida bai ji wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu makarantun kuɗi ba. Za a ce masa ai su sun daina tsohon yayi na malami ya tsaya a gaban allo yana ta bayani, yanzu matsala ake ba yara su tattauna su warware da kansu. In ya leƙa wata makarantar kuma, sai a ce masa wancan duk wasa ne, karatu na gaske shi ne malami ya faɗa yaro ya riƙe. Mutumin da ya baro Arewa ya zo Kurmi neman abinci, yake cire kuɗin makaranta daga ribar tumatir ko ta shanu, ya cancanci a faɗa masa gaskiyar al'amarin ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ba.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu da za a ce ita ce daidai a kowane hali. Abin da ke raba gardama tambayoyi biyu ne. Na farko, me yaron ya riga ya sani game da darasin? Na biyu, me ake so ya iya in an tashi daga aji? Wanda bai san komai ba tukuna, a koya masa kai tsaye. Wanda ya riga ya riƙe tushe, kuma ake so ya iya aiki da shi a inda ba a nuna masa ba, a ba shi matsala ya yi fama da ita. Makarantar da ta juya wannan tsari, ko ta riƙe rabi ta yar da rabi, yara take cuta ko da kuwa da kyakkyawar niyya.

Ya kamata a fara da sanin inda kowace hanya ta fito, domin asalin abu yakan nuna wanda aka ɗinka wa rigar. Koyo ta hanyar warware matsala ya yi suna ne daga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar McMaster da ke garin Hamilton a ƙasar Kanada, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a shekarar 1969. Malaman wurin, waɗanda daga baya Dokta Howard Barrows ya zama sananne a cikinsu, sun lura cewa ɗalibi yakan shekara biyu yana haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna, amma ranar da aka tsai da shi gaban majinyaci sai ya rasa ta inda zai fara. Sai suka sake tsari. Akan raba ɗalibai ƙananan ƙungiyoyi, kowace da malami mai lura, a ba su labarin wani majinyaci, a ce ga mutum ya zo da ciwon ƙirji da numfashi sama-sama. Su za su zauna su fid da abin da suka sani, su rubuta abin da ba su sani ba, kowa ya je ya yi bincike, a dawo a haɗa. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta ɗauki wannan hanya a 1974, har ta tsara ta mataki bakwai, daga fayyace kalmomin da ba a gane ba zuwa dawowa da rahoton abin da aka karanto.

To, a lura da abu guda. Waɗannan ɗalibai manya ne, sun iya karatu da rubutu da lissafi, sun san yadda ake neman abu a ɗakin littattafai, kuma an tace su kafin a ɗauke su. Duk da haka, da masana suka tattara sakamakon bincike iri-iri a 1993, abin da suka gani shi ne ɗaliban wannan hanya sun fi jin daɗin karatunsu, kuma a aikin duba majinyaci sun yi daidai da sauran ko sun ɗan fi su, amma a jarrabawar ilmin tushe sukan ɗan yi ƙasa. Wato ko a gidanta ma, hanyar ta ba da wani abu ta karɓe wani.

Ita kuwa koyarwa kai tsaye, babbar shaidarta daga Amirka ta fito. A 1968 Gwamnatin ƙasar ta fara wani gagarumin gwaji mai suna Follow Through, inda aka gwada hanyoyin koyarwa dabam-dabam a kan 'ya'yan talakawa tun daga ajin share fage har zuwa aji uku na firamare. Da rahoton ya fito a 1977, tsarin da Siegfried Engelmann da abokan aikinsa suka shirya, wanda malami ke koyar da abu kaɗan-kaɗan, yara na amsawa, ana gyara kuskure nan take, shi ne ya zo kan gaba a karatu da lissafi da harshe. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne har a wajen yarda da kai yaran sun yi fice, alhali ana zaton irin wannan koyarwa za ta kashe musu zuciya. An soki yadda aka auna sakamakon, kuma gaskiya ne cewa tsari ɗaya yakan yi kyau a wani gari ya gaza a wani. Amma darasin bai ɓace ba: ƙaramin yaro da bai samo tushe daga gida ba, bayani a fili ya fi yi masa amfani.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Masana halayyar koyo, musamman John Sweller na ƙasar Ostareliya, sun nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda in sabo ne a gare shi kaɗan ne ƙwarai, bai wuce abu huɗu ko makamancin haka ba. Amma abin da ya riga ya zauna a ƙwaƙwalwa ba ya cin wannan wuri. Dillalin da ya shekara ashirin a kasuwar Mile 12, in aka ce masa buhu 36 a kan naira dubu hamsin-hamsin, kafin a rufe baki ya ba da amsa, hankalinsa kuma yana kan ko mai sayen zai biya a yau. Yaron da bai riƙe jadawalin sau ba, duk ƙarfinsa zai ƙare a kan 36 sau 5, ya manta ma abin da aka tambaye shi. Saboda haka in aka ba sabon shiga babbar matsala, ya kan ɓata lokacinsa wajen lalube, ya gaji, ya tashi bai riƙe komai ba. A 2006 Sweller da Paul Kirschner da Richard Clark suka rubuta wata maƙala da ta ta da ƙura a kan wannan batu. A shekarar da ta biyo, Cindy Hmelo-Silver da abokan aikinta suka mai da martani cewa warware matsala na gaskiya ba sakin yara ba ne, akwai jagora mai yawa a cikinsa. Wanda ya duba da kyau zai ga ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: babu mai goyon bayan a bar ɗalibi ba jagora.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, ga misali da darasin kashi cikin ɗari, wanda kowane ɗan aji biyar ko shida ke haɗuwa da shi. Malamin da ke koyarwa kai tsaye zai fara da tabbatar da cewa yara sun iya raba lamba da 100. Sa'an nan ya rubuta a allo: kashi 20 cikin 100 na naira 500. Ya raba 500 gida 100, ya sami 5, ya ce wannan shi ne kashi ɗaya. Ya ninka 5 sau 20, ya sami naira 100. Yana yi yana faɗin dalilin kowane mataki. Sai ya kawo misali na biyu, kashi 15 cikin 100 na naira 800, ya yi rabin aikin, yara su ƙarasa su sami 120. Na uku su yi tare da baki. Daga nan kowa ya yi guda goma a littafinsa, malami na zagayawa. Barak Rosenshine, wanda ya daɗe yana nazarin ƙwararrun malamai, ya ba da ma'auni mai sauƙi: in yara suna samun kamar takwas cikin goma daidai a lokacin gwaji, ana kan hanya. In sun gaza haka nesa, a koma baya a sake bayani, kada a wuce.

Wannan hanya tana da sauri, kuma tana tafiya da aji mai yara sittin. Amma ga iyakarta. Yaron da ya ci goma cikin goma a wannan aiki, abin da ya nuna shi ne ya iya lissafin in an gaya masa lambar da zai yi wa. Bai nuna ya san lambar da ya kamata a yi wa lissafin ba in ba a gaya masa ba. A nan ne matsala ke shigowa.

Bayan mako guda ko biyu, sai malami ya raba yaran shida-shida ya ba su wannan labari, da farashin da aka ƙaddara don misali kawai. Wani falke ya sayi albasa buhu 40 a Aliero, kowane buhu naira 30,000. Kuɗin mota zuwa Ikko naira 5,000 ne a kan kowane buhu. Lodi da sauke kaya da haraji da la'adar dillali sun ci naira 100,000 gaba ɗaya. Da aka sauke aka tsince, sai aka tarar kashi 10 cikin 100 na kayan ya ruɓe. Falken yana son ribar kashi 20 cikin 100 a kan abin da ya kashe. Nawa zai sayar da buhu?

Abin da zai faru a ajin ana iya faɗinsa tun kafin a fara. Wata ƙungiya za ta ɗauki naira 30,000 ta ƙara mata kashi 20, ta ce a sayar naira 36,000. Lissafinsu daidai ne, amma a kan lambar da ba ita ba. Malamin kirki ba zai ce musu sun yi kuskure ba, kuma ba zai ba su amsa ba. Zai tambaye su buhu nawa ya rage na sayarwa, kuma nawa falken zai ƙirga in ya sayar da su duka. Da kansu za su ga buhu 36 ne, kuɗinsu naira 1,296,000, alhali mutumin ya kashe 1,200,000 a saye, 200,000 a mota, 100,000 a sauran hidima, jimla 1,500,000. Ashe sun jawo masa hasarar naira 204,000 suna murna sun ba shi riba.

Wata ƙungiyar za ta fi wayo. Za ta haɗa kuɗin duka ta raba da 40, ta sami naira 37,500 a kan buhu, ta ƙara kashi 20, ta ce 45,000. Sun tuna da mota, sun manta da ruɓa. In suka ninka 45,000 sau 36 za su sami 1,620,000, wato ribar 120,000, wadda kashi 8 ce kawai cikin 100. Sai ƙungiyar da ta gane cewa buhunan da suka tsira su za su ɗauki nauyin waɗanda suka ruɓe: kashi 20 na 1,500,000 shi ne 300,000, ana neman 1,800,000 ke nan, a raba da 36, buhu ya tashi naira 50,000.

Aikin bai ƙare a nan ba, kuma nan ne makarantu da yawa ke faɗuwa. Dole malami ya ware minti goma ko sha biyar na ƙarshe, ya rubuta amsoshin uku a allo, ya bi kowace ya nuna inda ta kauce, sa'an nan ya faɗi ƙa'idar a fili: kafin a ɗauki kashi, a tambaya kashi na mene ne. In aka buga ƙararrawa ba a yi wannan ba, 'yan ƙungiyar farko za su tafi gida da 36,000 a ka. Wato ko darasin warware matsala, da koyarwa kai tsaye ake rufe shi.

Yanzu a ƙaddara an ba da wannan labari na albasa a ranar farko, ga yaran da ba su taɓa jin kashi cikin ɗari ba. Yaro ɗaya da ya saba zama a rumfar mahaifinsa zai yi aikin, biyar su zuba masa ido. Aji mai yara sittin ƙungiya goma ne, darasi kuwa minti arba'in, kowace ƙungiya minti huɗu za ta samu daga malami in bai yi komai ba sai zagaye. Ga kuma abin da ya shafi 'ya'yan 'yan Arewa kai tsaye: yaron da ya zo daga Funtuwa ko Gaidam bara, Turancinsa bai nuna ba, abokan ƙungiyarsa kuma in gardama ta yi zafi sai su juya zuwa Yarbanci ko Ibo. Zai yi shiru, a rubuta sunansa a takardar ƙungiya, a ba su maki tare, malami ya ɗauka ya gane. A darasin kai tsaye kuwa, ko ba komai yana ganin lambobi a allo mataki-mataki, kuma littafinsa zai tona inda ya tsaya.

Akwai wani bincike da masu goyon bayan fara wa da matsala ke kafa hujja da shi, kuma adalci ne a ambace shi. Manu Kapur ya gwada a makarantun sakandare na Singafo, ya fara buga sakamakonsa a 2008. Yakan ba ɗalibai matsalar lissafi da ba a koya musu ba, su gwada hanyoyi iri-iri su kasa, sa'an nan malami ya zo ya koyar. Ya tarar waɗannan sun fi fahimtar dalilin ƙa'idar, kuma sun fi iya kai ta wani wuri, a kan waɗanda aka fara wa da bayani. Amma sharuɗɗan suna da nauyi. Ɗaliban suna da ilmin da za su taɓa matsalar da shi, an tsara matsalar da gangan don ta fito da kurakuran da ake so, kuma bayanin malami yana biyo baya ba fashi, yana ginawa a kan abin da suka gwada. Wanda ya ɗauki faɗuwar ya bar bayanin, bai bi Kapur ba.

Haka kuma akwai haɗari a ɗaya gefen. Bincike ya nuna cewa misalan da aka warware daki-daki, waɗanda ke taimakon sabon shiga, sukan zama nauyi ga wanda ya riga ya iya. Ɗalibin da ya ƙware a kashi cikin ɗari, in aka ci gaba da tsare shi yana kallon malami na raba 500 da 100, lokacinsa ake ɓatawa, kuma zai tsani darasin. Ban da haka, ba kowane tsayuwa gaban allo ba ne koyarwa kai tsaye. Malamin da ya juya baya ya cika allo da rubutu, ya ce a kwafa, ya zauna, bai koyar ba. Koyarwa kai tsaye ta gaskiya cike take da tambaya da amsa da gyara.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A makarantar allo ba a ce wa ƙolo ya gano haruffa da kansa, biya masa ake yi har ya riƙe. Amma a zauren ilmi, in ɗalibi ya yi nisa a fiƙihu, malam yakan jefo masa mas'alar gado ya ce ya raba. Haka makaniki ba ya miƙa wa sabon yaro motar da ta ƙi tashi, sai ya nuna masa sifana da yadda ake kwance fulogi. Bayan shekara biyu kuwa, in bai fara barinsa ya gano ciwon mota da kansa ba, yaron ba zai taɓa zama makaniki ba.

Saboda haka ga abin da ya kamata uba ko uwa su yi, ko da ba su yi boko mai zurfi ba. A buɗe littafin yaro. In an ga misali da aka warware, sa'an nan ayyuka masu kama da shi da alamar gyaran malami, tushe yana samuwa. In ba a ga komai ba sai aikin ƙungiya da hotuna da aka manna, a tambayi malami yaushe ake koyar da ƙa'idar, kuma ta yaya ake sanin abin da kowane yaro ya iya shi kaɗai. In kuma littafin cike yake da lissafi iri ɗaya shafi bayan shafi, a gwada yaron da abin da ke rumfa: ga abin da aka saya, ga kuɗin mota, ga abin da ya lalace, nawa za a sayar? In ya tsaya yana tambaya ko a tara ne ko a ninka, to, an ba shi kayan aiki ba a taɓa sa shi aiki ba.

Ga shugabannin al'ummar Hausawa da ke tafiyar da makarantu a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da sauran zango-zango, shawarar ita ce kada a sayi suna. A ajin farko zuwa na uku, inda ake kafa karatu da rubutu da lissafi da Turanci, a ba koyarwa kai tsaye mafi yawan lokaci. Daga aji huɗu zuwa sama, duk babin da aka gama a rufe shi da matsala guda daga rayuwar yaran, a ba ta darasi cikakke, malami kuma ya ɗaure bakin zaren a ƙarshe. Masu horad da malamai da Ma'aikatun Ilmi na jihohi su ma su daina aika malami aji da hanya ɗaya tak a hannu.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaro ba ya warware matsala da abin da babu shi a kansa, kuma abin da ke kansa ba ya amfani in bai taɓa jan ruwa da shi ba. Allah ya ba iyaye da malamai ikon sauke wannan nauyi.